Amsar da Ba Ta Wuce Gwajin Jarka Ba

Saƙonmu na yau na ɗalibanmu ne 'yan aji ɗaya a fannin injiniya, waɗanda suka fara karatun ruwa da yadda yake danna abu da yadda yake gudu a bututu. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin famfo yana jiran jarka ta cika zai gane inda muka dosa, domin da shi za mu kafa hujja.

Mun gama duba takardun gwajinku. Tambayar da ta fi kayar da mutane ita ce wadda muka ɗauka ta fi sauƙi. Mun ce ga bututu mai faɗin baki milimita 25, ruwa yana gudu a cikinsa mita 1.5 a kowace daƙiƙa, nawa ne ruwan da ke fita? Wani ya rubuta 0.736 ya ja layi biyu a ƙarƙashi, bai faɗi ko na mene ne ba. Wani ya rubuta lita 736 a daƙiƙa, shi ma ya ja layinsa da ƙarfin gwiwa. Da muka raba takardu, sai ga su a ofis suna cewa ai hanyar da suka bi daidai ce, ma'auni ne kawai ya kuɓuce, a taimaka a ƙara maki.

Ga matsayinmu, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Lambar da ba ta da ma'auni ba amsa ba ce. Lambar da take da ma'auni amma girmanta ya saɓa wa hankali ta fi wadda ba ta da shi haɗari, domin tana kama da gaskiya. Ɗalibin da ya yi kuskuren lissafi, sannan ya rubuta a gefe cewa wannan amsa ba za ta yiwu ba saboda kaza, ya fi kusa da zama injiniya a wurinmu fiye da wanda ya bi kowane mataki daidai ya miƙa mana amsar banza bai ko ɗaga gira ba. Bari mu bi aikin tare ku ga dalili.

Mu fara da tankin da ke saman gida, wanda kowa ya sani. A ce daga saman ruwan da ke cikin tanki zuwa famfon da ke tsakar gida akwai tsayin mita 6, kuma famfon a rufe yake. Ana son a san matsin da ruwan yake yi a bakin famfon. Ƙa'idar da kuka haddace ita ce p = ρgh. Wato a ɗauki nauyin ruwa a kowace kubik mita, a ninka da janyowar ƙasa, a ninka da tsayi. Kubik mita akwati ne mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a tsayi. Idan aka cika shi da ruwa, yana cin lita 1,000, nauyinsa kuma kilo 1,000, wato tan guda. Janyowar ƙasa kuwa 9.81 ce. To, 1,000 sau 9.81 sau 6 ya ba mu 58,860.

Kafin ku ja layi, ku tambayi kanku, 58,860 na me? A nan gwaji na farko yake, wato gwajin ma'auni. Ku ajiye lambobin gefe, ku ninka ma'aunan kaɗai kamar yadda kuka ninka lambobin: kg/m³ × m/s² × m = kg/(m·s²) = N/m² = Pa. Mita biyu na sama sun cinye biyu daga cikin ukun da ke ƙasa, saura ɗaya. Abin da ya rage shi ne ƙarfi a kan fili, wanda ake kira faskal, da sunan Blaise Pascal, masanin Faransa na ƙarni na 17. Tunda matsi muke nema kuma faskal ya fito, ƙa'idar ta tsaya da ƙafafunta. Da a ce kun manta da janyowar ƙasa, abin da zai fito shi ne kilo a kan murabba'in mita, wanda ba faskal ba ne, nan take kuma da kun gane an bar wani abu a hanya. Wannan aiki bai wuce na rabin minti ba.

Sai dai gwajin ma'auni yana aiki ne kawai idan kun rubuta ma'aunin kusa da kowace lamba tun daga layin farko. Da yawanku a sakandare kun haddace cewa nauyin ruwa 1 ne. Gaskiya ne, amma giram ɗaya ne a kowane kubik santimita. Wanda ya ɗauko wannan 1 ɗin tsirararsa ya jefa cikin ƙa'ida tare da mita, zai sami 58.86, ya liƙa mata faskal a ƙarshe don ya san da faskal ake auna matsi. Ma'aunin da aka liƙa daga baya ado ne kawai, ba ya tsare komai. Ma'aunin da ya biyo lissafi tun daga sama har ƙasa shi ne mai gadi.

To, ta yaya wanda ya sami 58.86 zai gane ya faɗa rami? Nan ne gwaji na biyu yake shigowa, gwajin girma. Ku riƙe wannan a ka: duk mita 10 na zurfin ruwa yana ba da matsi kusan faskal 100,000, wanda ake kira ba ɗaya, kuma kusan daidai yake da matsin iskar da ke danne da mu kullum, wanda a bakin teku faskal 101,325 ne. Idan mita 10 na ba da kusan dubu ɗari, mita 6 dole ta ba da kusan dubu sittin. Ba a bukatar kalkuleta. Shi kuwa faskal 58.86 matsin ruwa ne mai zurfin milimita 6, wanda bai kai ruwan da ke kwance a faranti ba. Wanda ya rubuta haka yana gaya mana cewa tankin da aka ɗora a saman bene bai fi ruwan faranti ƙarfi ba. Da ya faɗi maganar da baki da kansa zai yi dariya. Abin da ya hana shi dariya shi ne bai taɓa fassara lambar zuwa abin da ido ke gani ba.

Yanzu mu koma kan bututun da ya kayar da ku. Ƙa'idar ita ce Q = A × v, wato faɗin filin bakin bututu sau saurin ruwa. Bakin bututu da'ira ne, kuma filinsa A = πd²/4. Da milimita 25, wannan ya ba da kusan murabba'in milimita 491. Har nan kusan kowa ya zo lafiya. Inda aka zame shi ne wurin mayar da shi murabba'in mita. Kun san milimita 1,000 ke yin mita ɗaya, sai hannu ya yi saurin raba 491 da 1,000, aka sami 0.491. Amma fili yana da tsawo yana da faɗi. Tabarma mai mita ɗaya a kowane gefe tana da milimita 1,000 ta nan, 1,000 ta can, wato murabba'in milimita miliyan ɗaya. Don haka da miliyan za a raba, a sami 0.000491. Maganin wannan rami mai sauƙi ne: ku mayar da 25 ɗin zuwa mita 0.025 tun kafin ku ninka ta da kanta, ba bayan kun ninka ba.

Idan aka yi daidai, 0.000491 sau 1.5 ya ba da kubik mita 0.000736 a daƙiƙa. Lamba ce mai sifiri da yawa wadda ba ta gaya wa kowa komai, don haka a ninka da 1,000 a mayar da ita lita. Ta zama lita 0.74 a daƙiƙa, kusan lita 44 a minti. Sai mu kira jarka ta ba da shaida. Jarkar 'yan garuwa mai cin lita 25 za ta cika cikin daƙiƙa 34 ko kusa da haka. Duk wanda ya taɓa ɗiban ruwa a famfo mai ƙarfi zai ce e, wannan yana yiwuwa.

Ɗauki amsar ɗaya ɗalibin kuma, lita 736 a daƙiƙa. Wannan jarka 29 ke nan a cikin daƙiƙa guda. Tankin roba mai cin lita 2,000 zai cika kafin a ƙirga uku. Domin ruwa mai yawan haka ya ratsa bututun da bai fi babban yatsa kauri sosai ba, sai ya yi gudun mita 1,500 a daƙiƙa, fiye da ninki huɗu na gudun sauti a cikin iska. Kalkuleta ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta ta mayar. Ita ba ta taɓa ɗiban ruwa ba. Ku kun taɓa, kuma wannan sanin da kuka zo da shi daga gida shi ne muke roƙon kada ku ajiye shi a ƙofar aji.

Mun san abin da wasunku za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce jarrabawa ana yin ta ne don a ga ko ɗalibi ya fahimci ƙa'ida, wanda kuma ya zaɓi ƙa'idar da ta dace ya nuna fahimta, sauran duk zamewar alƙalami ce da lokaci ya jawo. Mun yarda da rabin maganar, shi ya sa muke ba da makin hanya. Inda muka rabu shi ne a kan cewa sauran ƙaramin abu ne. A wurin aiki babu mai karanta hanyarku. Mai sayo injin tura ruwa lambar ƙarshe zai ɗauka ya tafi kasuwa da ita. Mai gini da ita zai yanke kaurin bututu. Kuskuren ninki dubu da aka yi ta hanya mai kyau da wanda aka yi ta hanya mara kyau, asararsu ɗaya ce.

Akwai labarin da ya kamata kowane ɗalibin wannan fanni ya sani, domin a kan nauyin lita ɗaya ya faru. Ranar 23 ga Yulin 1983, jirgin Air Canada mai lamba 143, ƙirar Boeing 767, ya tashi daga Montreal zai bi ta Ottawa zuwa Edmonton. Na'urar da ke nuna yawan mai a gaban matuƙa ba ta aiki a ranar, sai aka auna man da sandar awo a tankunan, aka sami lita 7,682. Tafiyar tana bukatar kilo 22,300 na mai. Ke nan sai an mayar da lita zuwa kilo kafin a san nawa za a ƙara. A lokacin Kanada tana tsakiyar sauyawa daga tsohon awo na laba zuwa na kilo, kuma wannan sabon jirgi da kilo yake aiki, alhali ma'aikata sun saba da laba. Sai aka ninka litocin da 1.77, wanda shi ne nauyin lita ɗaya na man jirgi a laba, aka ɗauki sakamakon a matsayin kilo. Lambar da ta dace ita ce kusan 0.8. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba. Aka ƙara lita 4,917 a inda ake bukatar kusan lita 20,000. Jirgin ya tashi da ƙasa da rabin man da yake bukata. Yana can sama injinansa biyu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Matuƙin, Robert Pearson, wanda ya iya tuƙa jirgi mara inji, ya lallaɓa da shi har ya sauka a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli, cikin lardin Manitoba. Ba a rasa rai ba.

Ku dubi wannan 1.77 da idon da muke so ku samu. Man jirgi ɗan'uwan kananzir ne. Duk wanda ya taɓa ganin kananzir ya zuba cikin ruwa ya san a sama yake tsayawa, ke nan ya fi ruwa rashin nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Saboda haka lita ɗaya ta man jirgi dole ta gaza kilo ɗaya. Lambar da ta ce ya kusa ninka ruwa biyu a nauyi ba za ta zama kilo ba, ko daga bakin wa ta fito. Ninkawar da aka yi a ranar daidai take, an ma sake duba ta. Abin da ba a tambaya ba shi ne 1.77 na me. Waɗannan ƙwararru ne masu shekaru a bakin aiki, ba 'yan aji ɗaya ba. Idan irin wannan rami zai iya cin su, mu ba mu da hujjar raina shi.

Sai dai kada mu yi muku alkawarin da ya wuce gaskiya. Gwaje-gwajen nan biyu ba sa kama kowane kuskure. Gwajin ma'auni makaho ne ga lambobin da ba su da ma'auni, irin su rabi, da 4, da π. Gwajin girma kuma gwani ne wajen kama kuskuren ninki dubu, amma ninki biyu ko huɗu yakan sulale masa. Ga misali daga takardunku. Wasu sun yi amfani da A = πr², suka saka 25 a matsayin r, alhali 25 faɗin baki ne gaba ɗaya, r kuwa rabinsa ne. Filin ya fito murabba'in milimita 1,963, ruwan kuma lita 2.9 a daƙiƙa. Ma'auni ya fito daidai. Jarka za ta cika cikin daƙiƙa takwas da rabi, abin da ya yi sauri amma ba wanda zai rantse ba ya yiwuwa. Amsar ta wuce masu gadi biyu, kuma ta ninka gaskiya sau huɗu.

Irin wannan sai an zo masa ta wata hanya dabam. Ku zana da'irar, ku kewaye ta da murabba'i mai milimita 25 a kowane gefe. Filin murabba'in 625 ne. Da'irar tana cikinsa, ke nan ba za ta fi shi ba, hasali ma ɗan sama da kashi uku cikin huɗunsa take ci. Amsar 491 ta shiga, 1,963 kuwa ta fi gidan da take ciki girma sau uku. Darasin shi ne, sake danna lambobi iri ɗaya a kalkuleta ba dubawa ba ce, domin hannun da ya ɓata da farko zai sake bin sawunsa. Dubawa ita ce a nemo amsar ta wata ƙofa, ko da kintace ne, a ga ko za su haɗu.

Haka kuma kowace tambaya tana da iyakar da amsa ba za ta tsallake ba, kuma sanin iyakar rabin aiki ne. Ruwan da ke saukowa daga tankinmu mai tsayin mita 6, ba tare da inji ba, ba zai wuce gudun v = √(2gh) ba, wato kusan mita 11 a daƙiƙa, kuma wannan sai idan babu gogayya ko kaɗan. A bututu na gaske, da tsawonsa da gwiwoyinsa, gudun zai yi ƙasa da haka sosai. Duk wanda ya sami 40 ya san akwai matsala tun kafin ya gano inda take. Injin da ke zuƙo ruwa daga sama kuma ba zai ɗago shi fiye da kusan mita 10 ba komai ƙarfinsa, domin matsin iska ne ke turo ruwan, kuma iyakarsa ke nan. A aikace ma ba ya kai haka. Shi ya sa a rijiyar burtsatse mai zurfi ake zura injin can cikin ruwa ya turo daga ƙasa. Idan lissafinku ya ce inji a bakin rijiya zai zuƙo daga mita 30, lissafin ne da gyara.

Ga abin da muke so mu gani daga gwaji mai zuwa. Kafin ku taɓa kalkuleta, ku mayar da duk abin da aka ba ku zuwa mita, kilo da daƙiƙa, ku rubuta ma'aunin kusa da kowace lamba. Sannan ku rubuta kintacenku a gefe da lambobi masu sauƙi, 10 a madadin 9.81, 3 a madadin π. Bayan kun sami amsa, ku ƙara jimla ɗaya da kalmomi, irin wadda za ku iya gaya wa mai garuwa ya gane: wannan yana nufin jarka za ta cika cikin rabin minti, ko wannan matsin bai kai sulusin na tayar mota ba. Wannan jimla tana da makinta. Idan lokaci ya ƙure kuma amsar ta fito a karkace, kada ku goge, kada kuma ku yi shiru. Ku rubuta cewa kun ga ta yi yawa, ku faɗi abin da kuke tsammani da dalili. Za mu ba da maki a kan haka, domin shi ne abin da za mu so abokin aiki ya yi mana.

Mu ma da muke wannan magana mun taɓa raba murabba'in milimita da dubu a gaban allo, ɗalibi ne daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, Malam, anya wannan bututun zai iya? Bai nuna mana layin da muka ɓata ba, bai ma san shi ba a lokacin. Abin da ya sani shi ne yadda famfon gidansu yake zuba. Muka koma muka bi layi-layi har muka samo sifiri ukun da suka ɓace.

Ga aikin da za ku tafi da shi. Ku sami jarka ko bokitin da kuka san yawan litarsa, ku kunna famfo, ku auna daƙiƙoƙin da ya ɗauka kafin ya cika. Ku raba lita da daƙiƙa. Ku auna faɗin bakin famfon ta ciki, ku fitar da saurin ruwan a mita cikin daƙiƙa. Ku zo mana da lambar, da ma'auninta, da jimla ɗaya da ke faɗin dalilin da ya sa kuka yarda da ita. Sai mun haɗu a aji.